Yadda Ake Saita Lambobin VAT Don Inbois Ya Riƙa Fitar da Haraji Daidai

Duk ɗan kasuwar da ke karɓar harajin VAT a Najeriya yana da ranar da ba ya mantawa, wato 21 ga wata. Kafin wannan rana ta wuce, dole ya bayyana wa hukumar tara haraji abin da ya sayar a watan da ya gabata, da harajin da ya karɓa daga hannun masu saye, da wanda shi kansa ya biya lokacin da ya saro kaya, sannan ya miƙa abin da ya rage. A shagunan da ke aiki da manhajar lissafi irin su QuickBooks, Sage 50, Tally ko Odoo, wannan lissafi ba a ranar 20 ga wata ake yin sa ba. An riga an yi shi tun lokacin da yaron shago ya buga inbois na farko a watan, domin kowane layi da ya rubuta yana ɗauke da wata 'yar gajeriyar lamba da ke gaya wa manhajar nawa za ta cire da inda za ta ajiye shi. Idan an saita lambar daidai, rahoton ƙarshen wata zai fito da kansa. Idan an saita ta a karkace, kuskure ɗaya zai maimaita kansa a kowane inbois har ranar da wani ya lura.

Harajin VAT ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, kuma ya zauna a haka har zuwa 1 ga Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Tsarinsa shi ne mai cin kaya na ƙarshe ne ke biya, ɗan kasuwa kuwa mai karɓa ne a madadin gwamnati. Abin da ya karɓa a kan ciniki amana ce a hannunsa. Abin da ya biya wajen saro kaya kuma yana da damar cirewa daga wannan amana kafin ya miƙa ta. Saboda haka littafinsa yana buƙatar asusu biyu daban: ɗaya na harajin da aka karɓa, wanda a manhaja ake gani da sunan Output VAT, ɗaya kuma na harajin da aka biya, wato Input VAT. Na farko bashi ne a kan shago, na biyu kuma kuɗi ne da shago ke bi.

Lambar harajin da muke magana a kai daban take da lambar TIN da hukuma ke ba mai biyan haraji. Wannan ta cikin manhaja ce, mai shago ko akantansa ne ke ƙirƙirar ta, kuma abubuwa huɗu take ɗauke da su. Akwai kason da za a cire, akwai asusun da kuɗin zai faɗa, akwai gurbin da cinikin zai bayyana a rahoton wata, sannan akwai bayanin ko ta sayarwa ce ko ta saye. Mutane da yawa suna cika na farko kawai, su rubuta 7.5 su danna ajiyewa, su bar sauran ukun yadda manhaja ta zo da su. Daga nan yawancin matsaloli ke tasowa.

Mu ɗauki misalin wani shagon sari a kasuwar Singa ta Kano mai sayar da sabulu, omo da shinkafa. Farashin da zan yi amfani da su na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Irin wannan shago lambobi biyar sun ishe shi farawa:

```
S75  7.5%  Sales      Output VAT
P75  7.5%  Purchases  Input VAT
Z0   0%    Zero-rated
EX   -     Exempt
OS   -     Out of scope
```

Sunayen ba dole ne su zama waɗannan ba. Sage 50 na Birtaniya, alal misali, yana zuwa da nasa: T1 na cikakken haraji, T0 na kashi sifili, T2 na kayan da aka keɓe, T9 kuma na abin da bai shafi VAT ba. Abin da ake so shi ne duk wanda ya ga lambar ya gane aikinta ba sai ya tambaya ba.

Shagon ya saro katan 200 na sabulu a kan naira 10,000 kowanne, wato naira miliyan 2. Kamfanin da ya sayar masa ya ɗora VAT na naira 150,000, jimilla 2,150,000. Idan aka shigar da wannan inbois da lambar P75, manhaja za ta raba kuɗin gida uku ba tare da an ce mata komai ba: miliyan 2 a asusun kaya, 150,000 a Input VAT, sannan 2,150,000 a matsayin bashin da kamfanin ke bin shago. Bayan kwanaki an sayar da katan ɗin duka a kan naira 12,000 kowanne. Ciniki ya kama 2,400,000, lambar S75 ta ɗora 180,000, masu saye suka biya 2,580,000. A ƙarshen wata sai a cire 150,000 daga 180,000, abin da za a kai wa hukuma ya zama naira 30,000. Wannan adadi shi ne daidai kashi 7.5 na naira 400,000 da shagon ya ƙara a kan kayan.

Yanzu a ce wanda ya ƙirƙiri P75 bai haɗa ta da Input VAT ba, ya bar ta tana zuba harajin cikin asusun kaya. Inbois ɗin zai yi kyau a ido, jimillarsa daidai, kamfani ba zai yi ƙorafi ba. Amma rahoton wata zai nuna shagon bai biya harajin komai ba, sai a biya gwamnati 180,000 maimakon 30,000, kuma kuɗin kowane katan zai bayyana a littafi a matsayin 10,750, ribar ta ragu a takarda. Alamar wannan cuta a bayyane take ga wanda ya san inda zai duba: wata guda ana saro kaya masu haraji, amma asusun Input VAT bai motsa ba.

Sifili da keɓewa ba ɗaya ba ne

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin shi ne wurin da har akantoci ke sakaci. Lambobin Z0, EX da OS duka suna fitar da harajin naira sifili a kan inbois, don haka ma'aikaci yakan ɗauka duk wadda ya danna daidai ne. A wurin mai saye haka ne, ba abin da ya canza. A wurin shago kuwa bambancin kuɗi ne.

Kayan da ke kan kashi sifili suna cikin tsarin VAT, kasonsu ne kawai ya zama sifili. Wanda ke sayar da su yana da haƙƙin neman harajin da ya biya a kan abubuwan da ya saya domin wannan ciniki. Kayan da aka keɓe kuwa an fitar da su daga harajin, don haka mai sayar da su ba ya karɓa, kuma ba ya cire harajin da ya kashe dominsu. Wannan haraji yakan koma cikin tsadar kayansa. Na ukun, OS, na abubuwan da ba ciniki ba ne tun asali, kamar albashin ma'aikata, ko ɗaukar kuɗi daga asusun banki ɗaya zuwa wani, ko jarin da mai shago ya ƙara.

Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi a yanzu shi ne sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. A tsohuwar doka, kayan abinci na yau da kullum, magunguna da littattafan karatu suna cikin waɗanda aka keɓe. Sabuwar ta mayar da su kan kashi sifili, ta bar abubuwa irin su filaye da gine-gine da jigilar fasinjoji a motocin haya cikin keɓaɓɓu. Ta kuma buɗe ƙofar cire harajin da aka biya a kan ayyukan hidima da manyan kayan aiki, abin da a da aka taƙaita shi ga kayan da aka saro don sayarwa ko don sarrafawa. Shagon da ya saita manhajarsa a 2021 ya sa wa shinkafa EX, a lokacin daidai ya yi. Idan har yau bai taɓa ta ba, cinikin shinkafarsa yana faɗawa gurbin da ba nasa ba a rahoto, kuma yana iya barin harajin da doka ta ba shi damar cirewa. Haka nan wanda tun da can ya saita lambar sayen janareta ko kuɗin gyaran na'ura ta riƙa zuba harajin cikin kuɗin kashewa, ya kamata ya zauna da akantansa su sake dubawa.

Ga shagon da ke sayar da kaya masu haraji da keɓaɓɓu a tare, akwai ƙarin aiki. Harajin da aka biya a kan abin da ke yi wa ɓangarorin biyu hidima ba a cire shi duka, kasafta shi ake yi gwargwadon rabon cinikin mai haraji. Manhaja ba za ta iya wannan rabo ba sai an ware cinikin tun daga inbois, kuma lambobin nan ne ke ware shi.

A jikin kaya ake liƙa lamba

Bayan an ƙirƙiri lambobin, tambaya ta gaba ita ce inda za a ɗaura su don su riƙa fitowa da kansu. Yawancin manhajoji suna ba da wurare uku: jikin kaya, jikin abokin ciniki, da jikin asusu. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. A jikin kaya ya kamata lamba ta zauna, domin doka kaya take kallo. Sabulu mai haraji ne ko wa ya saya, shinkafa kuma tana kan sifili ko wa ya saya. Kowane kaya a rijista yana buƙatar lambobi biyu, ta sayarwa da ta saye, kuma a cika su tun ranar da aka shigar da shi.

Ga abin da ke faruwa idan aka yi akasin haka. Wata mai kanti ta zo ta ɗauki katan 10 na sabulu a kan 12,000 da buhu 5 na shinkafa a kan 70,000. Idan lambobin na jikin kaya, layin sabulu zai nuna 120,000 da harajin 9,000, layin shinkafa ya nuna 350,000 ba haraji, jimilla 479,000. Amma idan wanda ya buɗe mata shafi ya liƙa S75 a jikin sunanta, kuma manhajar tana fifita lambar abokin ciniki a kan ta kaya, za a ɗora kashi 7.5 a kan 470,000 gaba ɗaya. Haraji ya zama 35,250, an cuce ta da naira 26,250, kuma shagon ba zai ci wannan kuɗi ba tunda ya shiga Output VAT, gwamnati za a kai wa. An ɓata wa abokiyar ciniki rai a banza. Manhajoji sun bambanta a kan wace lamba ke rinjaye idan biyu suka ci karo, shi ya sa dole a gwada a gani da ido kafin a fara aiki.

Lambar jikin abokin ciniki tana da wurinta, amma na keɓantattun mutane ne. Mai saye da ake fitar wa da kaya zuwa ƙasar waje, kamar ɗan kasuwar Maraɗi da aka yi wa takardun fitarwa na hukuma, cinikinsa na kan kashi sifili ko da kayan sabulu ne. Odoo yana da wani saiti mai suna Fiscal Position da ke musanya lamba ɗaya da wata idan aka zaɓi irin wannan mai saye. Sai dai a kula, zuwan mutum daga Nijar ya saya a shago bai mayar da cinikin fitarwa ba, takardun da ke tabbatar da kayan sun fita ne hujja. Ma'aikatun gwamnati su ma suna buƙatar kulawa ta daban, domin su ke riƙe VAT ɗin su kai wa hukuma da kansu. Idan shago ya ba ma'aikata kayan naira miliyan 1, inbois zai nuna 1,075,000, amma naira 75,000 ba za ta taɓa shigowa asusun shagon ba. In ba a buɗe wani asusu na harajin da aka riƙe ba, wannan kuɗi zai yi ta zama a littafi kamar bashin da ma'aikatar ta ƙi biya, kuma a ƙarshen wata shagon na iya sake biyan sa daga aljihunsa.

Farashi da haraji a ciki

A kasuwa ba a cika cewa kuɗin kaya kaza, haraji kaza ba. Farashi ɗaya ake faɗi, mai saye ya biya ya tafi. Saboda haka manhaja na tambaya ko adadin da aka rubuta ya haɗa da haraji ko bai haɗa ba. A QuickBooks zaɓin yana saman layukan inbois, Exclusive of Tax ko Inclusive of Tax. Idan an karɓi naira 107,500 a kan kaya da haraji a ciki, ainihin kuɗin kayan 100,000 ne, harajin 7,500. Hanyar cire shi ita ce:

```
VAT = 107500 * 7.5 / 107.5 = 7500
```

Wanda ya ɗauki kalkuleta ya buga kashi 7.5 na 107,500 zai sami 8,062.50, ya yi wa kansa asarar naira 562.50 a ciniki ɗaya. Wanda kuma ya rubuta 107,500 alhali manhaja na kan Exclusive of Tax, za ta ƙara 8,062.50 a kai, inbois ya fito da 115,562.50, ya saɓa da kuɗin da ke cikin aljihun teburi. Shago ya zaɓi hanya ɗaya ya tsaya a kanta, kuma jerin farashin da ke cikin manhaja ya bi wannan hanya.

Wannan saiti yana da wani haɗari a ɓangaren saye wanda ya fi na sayarwa muni. A ce an sayi kwali da leda na naira 215,000 daga wani ƙaramin mai kawo kaya da bai ɗora VAT ba, rasit ɗinsa ma babu maganar haraji. Ma'aikaci ya shigar da shi, P75 ta fito da kanta, saitin na kan haraji a ciki. Manhaja za ta raba kuɗin zuwa 200,000 na kaya da 15,000 na Input VAT, harajin da ba wanda ya karɓa kuma ba wanda ya biya. Shagon zai cire shi daga abin da zai kai wa hukuma, ranar da masu bincike suka zo suka nemi inbois ɗin da ke nuna wannan haraji kuma babu shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɓangaren saye, takardar mai kawo kaya ce shugaba. Abin da ta nuna shi za a shigar, kuma irin waɗannan masu kawo kaya a sa musu lambar da ba ta cire haraji a jikin shafinsu.

Idan doka ta canza kaso

Abin da ya faru a Fabrairun 2020 darasi ne da bai kamata ya wuce ba. Hanya mafi sauri a lokacin ita ce a buɗe tsohuwar lambar a goge 5 a rubuta 7.5, amma ita ce mafi ɓarna. Kayan da aka sayar a Janairu a kan kashi 5, idan aka dawo da su a Maris, takardar mayar da kuɗi dole ta janye harajin da aka karɓa a lokacin, wato kashi 5. Idan lambar ta riga ta koma 7.5, za a janye fiye da abin da aka karɓa. A wasu manhajojin ma, buɗe tsohon inbois a sake ajiye shi ya isa ya sa a sake lissafa shi da sabon kaso. Daidai shi ne a ƙirƙiri sabuwar lamba, a mayar da kaya kanta daga ranar da doka ta fara aiki, a bar tsohuwar don gyaran tsofaffin takardu, daga baya a rufe ta. Haka za a yi wa shinkafar da ta tashi daga EX zuwa Z0: cinikin Disambar 2025 ya zauna yadda yake, na Janairun 2026 ya hau sabuwar lamba.

Kafin a sakar wa ma'aikata manhaja, a buga inbois na gwaji guda huɗu ko biyar: ɗaya na kaya mai haraji, ɗaya mai gauraye irin na mai kantin nan, ɗaya na saye, ɗaya na dawo da kaya. Kallon jimillar da ke ƙasan takarda bai wadatar ba, a buɗe bayanan asusu na kowanne a ga inda kowace naira ta faɗa, sannan a fitar da rahoton VAT a ga ko kowane ciniki ya bayyana a gurbinsa. Bayan haka a goge su, a kuma taƙaita waɗanda ke da izinin taɓa lambobin zuwa mutum ɗaya ko biyu.

A ƙarshen kowane wata akwai awo ɗaya da ba ya cin minti goma. A ɗauki jimillar cinikin da ya bi ta S75 a ninka da 0.075, a kwatanta da abin da ya shiga Output VAT a watan. A misalinmu 2,400,000 zai ba da 180,000. Bambancin 'yan kwabbai ba abin damuwa ba ne, yakan zo ne daga yadda manhaja ke cike kwabo a kowane layi. Bambancin dubbai kuwa yana nufin ɗaya daga cikin abu biyu: ko wani ya rubuta kuɗi kai tsaye cikin asusun haraji ba ta hanyar inbois ba, ko an gyara adadin haraji da hannu a wani layi. Sai kuma a tace layukan da suka fita ba lamba ko kaɗan, waɗanda galibi sababbin kaya ne da aka shigar cikin gaggawa, domin waɗancan awon farko ba zai kama su ba.

Hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a farkon 2026, ta fara tsarin inbois na lantarki da manyan kamfanoni a 2025, inda bayanan ciniki ke isa gare ta kai tsaye daga manhajar kamfani. A irin wannan tsari babu sauran damar gyara rahoto da hannu a daren 20 ga wata, domin abin da lamba ta rubuta a kan inbois shi hukuma za ta gani. Mai shagon da bai buɗe shafin lambobin harajinsa ba tun shigowar sabuwar doka, ya kira akantansa a wannan mako su bi kayan rijista ɗaya bayan ɗaya, su fara da na abinci.